Yadda na saita launin monitata da ido da kyamara bayan albam ya dawo da duhu

Hotuna 60 na kai wanki na wani biki da na ɗauka, kuma kwana uku na yi ina gyaransu a kwamfuta. A allona fuskar amarya ta fito tas, lallen hannunta ya zauna, aikin da ke wuyan baƙar babbar rigar mahaifinta ana ganin kowane zare. Da na karɓo albam ɗin na buɗe shi a bakin shago, gabana ya faɗi. Komai ya yi duhu kamar bayan magariba aka ɗauka. Babbar rigar ta koma baƙin dunƙule guda, babu aiki babu lanƙwasa, fuskokin mutane kuwa sun yi jajaja-jajaja, kai ka ce manja aka shafa musu.

Na koma ciki da ƙorafina. Dattijon da ke kan injin bai yi musu da ni ba, ya buɗe fayil ɗin a tasa kwamfutar, ya juyo mini da allon. Abin da ke takarda shi ne a allonsa.

"Ɗana, abin da ka ba inji shi ya buga," in ji shi. Ya nuna mini histogiram, wato zanen nan mai kama da tudu da ke nuna yawan duhu da haske a hoto. Tudun duk ya jingina hagu wajen duhu, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ɓangaren dama babu kowa. "Allonka ya cika haske, kuma ya yi shuɗi. Kai kana rage haske kana ƙara ɗumi don ya yi maka daidai a ido, mu kuma nan muna karɓar hoton da aka rage wa haske aka ƙara wa ja."

Na ce, "Baba, to mene ne maganinsa?"

Ya ce akwai na'urar da ake rataya wa allo tana auna launukan da yake fitarwa, kalorimita, ita ce maganin gaskiya. Idan ba ni da ita, in je in rage wutar allon tukuna, in sake kawo masa hoto biyu ya gwada mini. Ba ni da ita, ba ni da kuɗinta a lokacin, cikin abokan sana'ata kuma babu wanda zan ara a wurinsa. Abin da na yi a makon da ya biyo baya ke nan zan faɗa.

Kafin in taɓa maɓalli ko ɗaya, sai da na gane matsalar da ke cikin idona. Ido yana sabawa da duk farin da ya daɗe yana kallo. Ka zauna minti goma gaban allo mai shuɗi-shuɗi, ƙwaƙwalwarka za ta karɓe shi a matsayin fari, in aka kawo maka farin gaskiya ma ka ce rawaya ne. Saboda haka tambayar ido "wannan daidai ne?" ba ta da amfani. Inda ido yake da ƙarfi shi ne idan an ajiye masa abu biyu gefe da gefe aka ce wanne ya fi haske, ko kuma akwai iyaka tsakaninsu ko babu. Duk matakin da na bi, na mai da shi irin wannan tambaya, inda hakan bai yiwu ba kuma na sa kyamarata ta ba ni lamba.

Abin da nake nema abu uku ne, kuma su ne ma'aunin da aka saba bi wajen gyaran hoto a tsarin launi na sRGB. Launin farin allo ya kasance kusa da 6500K, wanda ake kira D65, lambar in ta haura farin ya yi shuɗi, in ta sauka ya yi rawaya. Gamma, wato yadda haske ke hauhawa daga baƙi zuwa fari, ta kasance 2.2. Ƙarfin hasken farin kuma ya tsaya tsakanin 80 da 120 cd/m², gwargwadon hasken ɗaki.

Ɗakin na fara gyarawa. Teburina yana fuskantar taga ne, da safe rana na dukan allon, da dare kuma ƙwan sola mai farin haske mai shuɗi yana saman kaina. Ashe ina gyara rabin hotuna a wani haske, rabi a wani. Na juya teburin taga ta koma gefe, na sa labule mai kauri mai ruwan toka, na mai da ƙwan bayan monita yana haska bango maimakon allo. Akwai wata kalanda mai ja da kore a bangon, na cire ta. Hoton bangon kwamfutar ma na mai da shi ruwan toka zalla. Na goge allon da tsumma mai laushi, domin ƙurar hunturu ta yi masa lulluɓi, kuma ƙura a kan gilashi tana sa baƙi ya yi fari-fari idan haske ya faɗa mata.

Na kunna monita na bar ta minti 30 ta ɗumama, don hasken allo yana ɗan motsawa a farkon kunnawa. Wannan ya sa na zaɓi lokacin da batirin sola ya cika, kada wuta ta katse ni a tsakiya in koma jira. A cikin jerin maɓallan monitar na danna Factory Reset. Sai na bi na kashe duk abin da ke canza haske da kansa: Dynamic Contrast, Eco Mode, da wani zaɓi na rage shuɗin haske don kare ido. Na tabbatar ta fita daga tsarin hoto na Movie, inda na bar ta tun ranar da na saye ta na hannu, ta koma Standard. A Windows na kashe Night light. Muddin ɗayan waɗannan yana kunne, duk abin da ka saita yanzu zai goce bayan ɗan lokaci ba ka sani ba.

Akwai wani abu da na kusa tsallakewa. Da wayar HDMI na haɗa monitar, kuma wani lokaci katin hoto na kwamfuta yana ɗaukar duk abin da ke kan HDMI a matsayin talabijin, sai ya aika lambobin haske daga 16 zuwa 235 maimakon 0 zuwa 255. Alamarsa ita ce baƙi ba ya kaiwa baƙi, fari kuma ya yi dishi-dishi. A manhajar katin NVIDIA zaɓin yana nan da suna Output dynamic range, ana so ya kasance Full. Nawa na same shi a Full, na wuce. Amma wanda ya same shi a Limited, ya gyara wannan kafin komai, don babu maɓallin monita da zai biya abin da wayar ta rage.

Sai ƙarfin haske, wanda shi ne ya ɓata mini albam. A monita irin ta LCD, maɓallin Brightness fitilar bayan allo yake ƙarawa ko ragewa. Masu ƙera monita sukan bar shi sama don ya burge a shago. Takardar hoto kuwa ba ta da fitila, hasken ɗaki kawai take mayarwa, don haka hoton da aka gyara a allo mai ƙyalli dole ya fito da duhu a kanta.

Na tuna cewa kyamara ma tana da mitar haske, kuma akwai lissafin da ke haɗa abin da mitar ta faɗa da ƙarfin hasken abin da take kallo:

```
L = 12.5 × N² ÷ (t × ISO)
```

L shi ne hasken a cd/m², N lambar buɗin lens, t kuma tsawon lokacin buɗe shota a daƙiƙa. Lambar 12.5 ita ce wadda Canon da Nikon ke gina mitarsu a kai. Idan aka ɗaure kyamara a ISO 100 da f/5.6, lissafin yana sauƙi ƙwarai: 1/30 yana nufin kusan 120, 1/25 kusan 100, 1/20 kusan 80, 1/60 kuma kusan 240.

Na buɗe farin shafi ya cika allo, na kashe ƙwan ɗaki, na sa kyamara a tsarin da ita ke zaɓar saurin shota, na tabbatar ƙarin haske na exposure yana kan sifili. Na matso har farin ya cika idon kyamarar gaba ɗaya, ina fuskantar tsakiyar allo kai tsaye. Mitar ta ce 1/60. Wato ninki biyu na abin da ya kamata nake aiki a kai, kuma wannan bayan na mai da ita yadda ta zo daga kamfani ne, Brightness yana 75. A da har 90 na kai shi. Na riƙa saukowa biyar-biyar ina sake aunawa. A 40 mitar tana 1/40, a 30 ta sauko 1/30. Da yake yawancin aikina takarda yake zuwa, ɗakin kuma yanzu ba shi da haske sosai, na ƙara saukowa zuwa 24, inda ta tsaya a 1/25.

Wannan awo ba mai kaifi ba ne. Mitar kyamara tana tafiya ne da tsalle na kashi ɗaya cikin uku na mataki, kowane tsalle kuwa kusan kashi 26 cikin 100 ne na haske. Ba za ta raba maka 100 da 110 ba. Amma ta raba 100 da 240, kuma wannan tazarar ce ta ci mini kuɗin albam.

Da na kunna ƙwan na zauna, allon ya yi mini kamar mara lafiya. Hannuna har ya kai kan maɓallin zai ƙara. Na tashi na yi salla na sha shayi, da na dawo bayan rabin awa sai na ga farin ya zama fari kamar kullum. Duk wanda zai bi wannan hanya ya san da wannan rabin awar, don a nan mutane da yawa ke komawa gidan jiya.

Daga nan na koma kan iyakokin biyu, ƙarshen fari da ƙarshen baƙi. Na haɗa hoton gwaji da kaina a Photoshop, a tsarin sRGB. A sama na zuba fari 255 na jera ƙananan murabba'ai a kansa masu lamba 245, 248, 250, 252, 253 da 254, ja da kore da shuɗi duk lamba ɗaya a kowanne. A ƙasa na zuba baƙi 0 na jera 2, 4, 6, 8, 10 da 15. Tambayar da ido zai amsa mai sauƙi ce: wane murabba'i ne na ƙarshe da kake iya ganin gefensa?

A ɓangaren fari, da Contrast yana 70 yadda ya zo, ina ganin har 253. Na gwada ɗaga shi zuwa 85 don in ga abin da nake yi wa kaina a baya, nan take 250 da duk na samansa suka narke cikin farin. Ke nan a tsohon saitina, farar shadda da aka yi wa guga, da duk ƙyallinta da lanƙwasarta, fari ɗaya nake ganinta, ina ta rage haske ina neman zanen da allon ne ya haɗiye shi. Na mai da shi 70 na bar shi. A yawancin monita, lambar Contrast da ta zo da ita tana kusa da inda ya dace, ɗaga ta kuma yanke saman fari yake yi.

A ɓangaren baƙi ina ganin 4 sosai, 2 kuma sai na kashe ƙwan na kare gefen idona da hannu. Na karɓi hakan. Monitata IPS ce, launinta ba ya canzawa sosai in ka motsa kai. Wanda tasa TN ce, kamar allon ƙananan kwamfutocin cinya masu araha da yawa, zai ga murabba'an suna bayyana suna ɓacewa da ya ɗaga kai ko ya sunkuya. Irin wannan allo sai ka tsai da kujera da karkatarsa a wuri guda kullum, in ba haka ba gwajin bai faɗa maka komai ba.

Launin farin shi ya fi ba ni wahala, kuma a nan na ɓata yini guda a hanyar da ba ta ɓulle ba. Na ɗauki farar takardar firinta na kara a gefen allo ina juya ja da kore da shuɗi don su yi kama. Da rana na daidaita su, da dare na kunna ƙwan na ga takardar ta yi shuɗi allon ya yi rawaya. Takarda ba ta da farin kanta, launin hasken da ya faɗa mata take nunawa. Ga shi ana sa wa takardar ofis wani sinadari da ke sa ta yi shuɗi-shuɗi a hasken rana don a ga kamar ta fi fari. Hasken tagar ma a lokacin hazo rawaya-rawaya ne. Ina gwada abin da ban sani ba da wani abin da ban sani ba.

Na sake komawa ga kyamara. Na ɗauki farin allon a RAW, na kawar da fokas da gangan don kada layukan fiksil su fito, na bar shota a 1/25. A Lightroom na ɗora tsinken White Balance a tsakiyar hoton na karanta Temp, mai nuna karkatar farin tsakanin shuɗi da rawaya, da Tint, mai nuna ta tsakanin kore da ruwan hoda. Abin da nake kwatantawa da shi shi ne zaɓin Cloudy na manhajar, wanda yake 6500 da +10. A Standard, farin monitata ya ba da kusan 7800. Dattijon ya yi gaskiya, allon ya yi shuɗi, shi ya sa nake ta tura hotuna wajen ɗumi har fuskoki suka yi ja. Na gwada zaɓin Warm na monitar, ya ba da kusan 5900, ya wuce. Sai na shiga User, inda ake juya R da G da B ɗaya-ɗaya.

Ƙa'idar da na riƙe a nan ita ce ragewa kawai, ba na ɗaga ko ɗaya sama da inda ya zo, don ɗagawa tana iya yanke saman wannan launin kamar yadda Contrast ya yi. Dukansu suna 100. Na bar ja a wurinsa, na sauko da shuɗi zuwa 95, na ɗauka na auna, sannan 91. Temp ya sauko kusan 6600, amma Tint ya haura +17, ma'ana farin ya karkata kore, manhajar na buƙatar ƙarin ruwan hoda kafin ta daidaita shi. Na rage kore zuwa 97, Tint ya dawo kusan +11. Hoto takwas na ɗauka kafin in tsaya.

Ba na cewa farina yanzu 6500 ne cif. Fitilar LED da ke bayan allo ba ta fitar da haske shimfiɗaɗɗe irin na rana, kuma kyamara ba ta ganin irin wannan haske daidai yadda ido ke gani, don haka lambar na iya kaucewa. Abin da kyamarar ta yi mini shi ne ba ta sabawa kamar ido, in na auna yau na auna gobe abu ɗaya za ta faɗa. Don ƙarin tabbaci na zana dogon zirin ruwan toka daga baƙi zuwa fari, na kira ƙanwata da ta shigo daga tsakar gida, idonta bai zauna gaban allon ba.

"Dubi wannan, wane launi kike gani?"

"Ruwan toka ne mana, Yaya. Amma can wajen duhun kamar da ɗan kore kaɗan."

Na duba, akwai shi. Maɓallan R, G, B na monitata saman haske suke gyarawa, ba su kai wa ga inuwa, don haka wannan ɗan koren na ƙasa ya zauna. Na rubuta shi a takarda don in riƙa tunawa: idan na ga kore kaɗan a inuwar baƙar riga, in duba lamba kafin in taɓa.

Da yake na rage kore, kuma kore shi ke ɗauke da kusan kashi 72 cikin 100 na hasken fari a sRGB, na sake auna ƙarfin haske. Ya ɗan sauka, na ɗaga Brightness zuwa 26.

Saura gamma. Gwajinta ya fi duk sauran burge ni, don lissafi ne tsantsa ido kuma alƙali ne kawai. Idan ka zana layuka a kwance, baƙi ɗaya fari ɗaya, kowanne kaurin fiksil guda, ka ja da baya har suka gauraye, abin da ido ke karɓa rabin hasken fari ne daidai. Tambayar ita ce wace lambar ruwan toka ce allonka ke fitarwa da rabin haske. A gamma 2.2 amsar ita ce:

```
255 × 0.5^(1/2.2) ≈ 186
```

Na cika hoto da layukan, na ɗora murabba'ai biyar a kai: 174, 180, 186, 192 da 198. Dole a kalle shi a 100% kuma allon yana kan ainihin yawan fiksil ɗinsa, domin da an ƙara ko an rage girma layukan sun gauraye tun a cikin kwamfuta, gwajin ya lalace. Na ja kujera baya kamar taku uku, na ɗan runtse ido. Murabba'in da ya ɓace cikin layukan shi ne amsa. Nawa 180 ne ya ɓace, wanda ke nufin gamma kusan 2.0, wato tsaka-tsakin haske, inda fatar mutum take, allon yana nuna shi da haske fiye da yadda yake a fayil. Dalili na biyu ke nan na duhun albam. Da 192 ne ya ɓace, da gamma tana kusan 2.4, matsalar ta juya. Monitar tana da zaɓi uku na Gamma, na koma na biyu, sai 186 ya narke.

Bayan duk wannan ne na buɗe kayan saitin Windows, ta danna maɓallin Windows da R in rubuta:

```
dccw
```

Yana bi da kai shafi-shafi: gamma da da'irori masu ɗigo a tsakiya da ake so ɗigon ya ɓace, sai hoton mutum mai baƙar riga da alamar X a bayansa don duba duhu, sai mai farar riga don duba fari, sai zirin ruwan toka da sandunan ja da kore da shuɗi. Na bar shi ƙarshe da gangan. Abin da ka juya a monita, a monitar yake faruwa, amma sandunan dccw lambobin da katin hoto ke aikawa suke lanƙwasawa, kuma matakai 256 ne kacal kowane launi yake da su. Idan ka ja su da yawa, wasu matakan sun haɗe, sai ka fara ganin zoben-zoben a sararin sama ko a bangon sitidiyo inda ya kamata launi ya sulale. Ni ban motsa sandunan launi ba, ta gamma kuma na same ta daidai. A shafin ƙarshe na danna Previous calibration da Current calibration, babu bambancin da ido zai kama, na danna Finish. Wanda allonsa na kwamfutar cinya ne, ba shi da maɓallan R, G, B a jiki, shi dccw ce hanyarsa, sai ya ja kaɗan-kaɗan ya riƙa duba zirin ruwan toka. Furofayil, wato fayil ɗin da dccw ta ajiye saitin a ciki, ana ganinsa idan an rubuta colorcpl a inda aka rubuta dccw.

Na buɗe hotunan bikin a sabon saiti, sai ga abin da ke albam a gabana, duhun da jan duka. Raina ya ɓaci da ganin aikin, amma hankalina ya kwanta, don a karon farko allona da takarda suna faɗin abu ɗaya. Na sake gyara biyu, na amarya da na mahaifinta. Wannan karon tagar Info tana buɗe a gefe. Na tabbatar aikin wuyan babbar rigar bai sauka ƙasa da 15 zuwa 20 ba don ya tsira a takarda, farin mayafi kuma bai wuce 245 ba sai inda ƙyalli yake. Farar shaddar ango na bar ta da ɗan shuɗinta, don da bula aka wanke ta, haka take a ido ranar bikin. Da na ɗora tsinken White Balance a kanta na mai da ita fari zalla, da fuskarsa ta sake yin ja.

Na kai wa dattijon, na roƙe shi ya kashe gyaran da injin ke yi da kansa, don in ga aikina tsurarsa. Na dawo da su gida na tsaya kusa da taga da hantsi, na kalli takarda, na juya na kalli allo. Ba a kara takarda a jikin allo a ɗaki mai duhu, kullum za ta fito a mai duhu. Haske ya yi daidai, fata ta yi daidai, zaren aikin rigar ya fito.

Abu ɗaya bai yi ba. Ankon ƙawayen amarya wani kore ne mai shuɗi-shuɗi, a allona ya fi karkata shuɗi, a takarda ya fi kore. Wannan babu maɓallin da zai gyara shi. Abin da na saita fari ne da baƙi da ruwan toka, ban auna ainihin jan da koren da shuɗin da monitata ke fitarwa ba, furofayil ɗin dccw kuma ɗauka kawai yake yi cewa irin na sRGB ne. Wannan awon aikin kalorimita ne, ita ke gaya wa Photoshop inda launukan allon suka kauce don ya rama. Wani ɓangaren bambancin kuma na takardar ne, don akwai launukan da allo ke iya nunawa takarda ba ta iya fitarwa. Mai monita mai faɗin launi, wadda ta wuce sRGB, wannan matsala ta fi tsanani a wurinsa, ja da kore za su yi masa kauri fiye da yadda suke. Shi gara ya shiga zaɓin sRGB na monitar, ko da yake a wasu wannan zaɓin yana kulle maɓallan launi.

Na sake wanke albam ɗin da kuɗina. Lambobin, 26 da 70 da 100, 97, 91 da Gamma ta biyu, na rubuta su a salatif na manna a bayan monitar, don yara kan taɓa maɓallan. Duk farkon wata ina sake auna farin da kyamara, saboda fitilar allo tana raguwa da tsufa. Duk bikin da ke da anko mai launi mai ƙarfi kuwa, ina roƙon ƙyallen yadin daga gidan biki, in wanke hoto ɗaya ƙarami tukuna, in ajiye shi kusa da ƙyallen a bakin taga, sannan in aika sauran.